Roƙon a Ɗage Ranar Intabiyu ta Muƙamin Mataimakiyar Akanta

Laraba, 8 ga Oktoba, 2025

Zuwa ga Shugaban Sashen Ɗaukar Ma'aikata,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina ƙara godiya bisa wasiƙarku ta ranar 2 ga Oktoba, wadda kuka gayyace ni intabiyu ranar Talata, 14 ga Oktoba, da ƙarfe 10 na safe. Na amsa washegari cewa zan halarta, amma yanzu wani uzuri ya taso wanda ya sa nake roƙon ku ɗage mini ranar, idan da hali.

Jiya aka sanar da mu a wurin da nake aiki cewa masu binciken kuɗi za su zo ranakun 14 da 15 ga wata, maimakon ƙarshen wata da aka tsara tun farko. Takardun albashi da na kuɗin da aka kashe cikin watanni tara da suka wuce duk suna hannuna, kuma ni za a tambaya a kan kowane rasit da kowane sa hannu. Kafin in rubuto muku sai da na nemi wani abokin aikina ya tsaya a madadina, amma shugabana ya nuna cewa binciken ba zai tafi daidai ba sai da wadda ta riƙe littattafan. Ni ma ban ga ya dace in saki amanar da ke hannuna a ranar da aka fi bukatata ba, alhali aikin riƙon amana nake nema a wurinku.

Zan iya zuwa ranar Alhamis, 16 ga Oktoba, a kowane lokaci, ko kuma ranar Litinin, 20 ga Oktoba, daga ƙarfe 9 na safe zuwa ƙarfe 1 na rana, kuma na riga na karɓi izini domin ranakun biyu. Na san tara 'yan kwamiti a zama ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne, ga shi kuma akwai sauran masu neman aikin da aka ba lokacinsu. Saboda haka idan dole sai ranar 14, a shirye nake a yi ganawar ta bidiyo daga ƙarfe 4:30 na yamma, bayan masu binciken sun tashi.

Ina neman afuwa bisa ɗawainiyar da wannan sauyi zai jawo muku. Sha'awata ga wannan muƙami tana nan yadda take, kuma takardun shaidar karatu na asali da wasiƙun shaida guda biyu da kuka nema duk sun kammala. Zan saurari ranar da kuka tsayar, kuma zan tabbatar muku da zuwana a rubuce da zarar saƙonku ya iso.

Na gode ƙwarai.

Taku mai biyayya,
Hauwa'u Sani