Saƙo zuwa ga manajar shiyya kan tiransifar 4 ga Agusta

Assalamu alaikum Hajiya, ranki ya daɗe, barka da aiki, ya hidima da jama'a. Dan Allah a gafarce ni saƙon zai ɗan yi tsawo, na ga gara in jero maki komai a wuri ɗaya kar sai kin yi ta tambaya. Ni kwastoman ku ne a reshen titin Ahmadu Bello nan Jos, ina sana'ar dankalin turawa a Farin Gada, sunana da lambar asusuna suna jikin takardun da na haɗo a ƙasan saƙon nan. Lambarki kuma manajan reshe ne ya ba ni da hannunshi shekaranjiya Litinin, bayan na gaya mashi ina so in kai maganar gaba, ya ce ba damuwa in rubuto maki, to ya san da wannan saƙon.

Ga yadda abin ya kasance. Ranar Litinin 4 ga Agusta 2025 wajen ƙarfe uku saura na rana na tura naira 1,850,000 daga manhajar bankinku ta waya zuwa ga dillalina a Bokkos, shi asusunshi a wani banki yake. Nan take alat ya shigo an cire kuɗin da cajin 53.75, kuma rasit ɗin ya nuna Successful. Har bayan isha'i mutumin yana kirana yana cewa bai ga komai ba, na ce mashi ya yi haƙuri ƙila netiwok ne zuwa safe zai faɗo, tunda abu ne da muka saba gani.

Talata 5 ga wata na je reshe, baiwar Allah da ke teburin kula da kwastomomi ta ba ni fom na cike, ta ce in ba su awa 48. Alhamis 7 ga wata na koma, ta duba kwamfuta ta ce a wajensu kuɗin ya fita, in sa wanda na tura ma ya ciro sitetimen daga bankinshi. Ya ciro na 1 zuwa 11 ga Agusta da hatimin bankin a jiki, babu shigar wannan kuɗin a ciki, na kai reshe Talata 12 ga wata, ranar ce na samu ganin manaja, ya karɓa ya yi fotokofi ya ce ya tura hedikwata, ya rubuta mani lambar ƙorafi a ƙaramar takarda.

To Hajiya inda kaina ya ɗaure shi ne nan, kuma shi ne ainihin dalilin da ya sa na zo gare ki. Juma'a 15 ga wata na kira layin ku na kwastomomi na karanta masu lambar ƙorafin, wanda ya ɗauka ya ce a gabanshi an rubuta Closed, wai an rufe maganar tun 13 ga wata saboda kuɗi ya isa inda aka tura shi. Litinin 18 da na gaya ma manaja haka sai ya juyo mani da kwamfutarshi, shi a nashi wajen maganar a buɗe take ana jiran amsar ɗaya bankin. Amsa biyu kenan a kan lamba ɗaya, kuma ga sitetimen na dillalin da bai nuna kuɗin ba, jiya ma na sa ya sake ciro wani har zuwa 19 ga wata, shi ma babu. Ni abin da aka faɗa mani da abin da na gani da idona kawai na kawo maki, ku da kuke ganin cikin na'urar ku ne za ku iya cewa ga wadda take daidai. Mai yiwuwa kowa gaskiyar abin da ke gabanshi ya karanto mani, mai yiwuwa ma matsalar daga can ɗaya bankin take, shi ya sa nake ganin sai wanda ke iya duba ɓangarorin duka a lokaci ɗaya.

Kuma tsakani da Allah ba wanda ya wulaƙanta ni a reshen nan, yarinyar teburin ma ranar Alhamis ɗin layi har bakin ƙofa amma ta tsaya ta saurare ni, manaja kuma duk kiran da na yi mashi yana ɗauka. Dan Allah kar wannan saƙon ya zama sanadin faɗa ga kowa, kuɗin nake bi.

Abin da jinkirin ya jawo mani kuwa, kin san harkar dankali a damina yanzu ne kakarshi kuma kaya ne da ba ya jira, kwana kaɗan a buhu da danshi ya fara ruɓewa. Dillalin da ya ga alat ɗin cirewa a wayata sai ya sakar mani kayan a kan amana aka loda mota ta wuce Legas kasuwar Mile 12, amma fa shi ma ba nashi ba ne, na manoma ne ya tattaro, mutanen da ke jiran kuɗin su biya makarantar yara a Satumba su biya bashin taki, kullum suna ƙofar gidanshi shi kuma yana kan wayata. Na ranto 600,000 wajen yayana na rage mashi, saura 1,250,000 a kaina, kuma lodin da ya kamata in yi satin da ya wuce ban yi ba don jarin ne ya maƙale. Mu a kasuwa da magana ake ba ka kaya, ranar da aka fara cewa wane ya ce ya tura bai tura ba, to gyara wannan ya fi neman kuɗin wuya, wallahi shi ya fi hana ni barci.

Alfarmar da nake nema ranki ya daɗe, a ɗauki Session ID ɗin da ke jikin rasit, lambobi 30 ɗin nan, a bi sawunshi ta NIBSS a ga inda kuɗin ya tsaya. In ya shiga ɗaya bankin a ba ni shaida a rubuce mai hatimi, da ƙafata zan je Bokkos mu shiga bankin tare da dillalin. In kuma bai shiga ba a dawo mani da shi asusuna, na fi son hakan a kan a ƙarasa tura mashi tunda na riga na biya wani ɓangare, kar lissafi ya rikice mana. Sannan a haɗa ni da mutum ɗaya da zan riƙa tuntuɓa, don duk wanda na kira sai na faro labarin daga farko.

Na san tsarin Babban Bankin Najeriya shi ne mutum ya fara kai ƙorafi bankinshi ya jira sati biyu kafin ya rubuta ma sashen kare haƙƙin kwastomomi na CBN, sati biyun daga ranar da na cike fom ya cika jiya Talata 19 ga wata. Ban rubuta masu ba, na fi so a gama a cikin gida, shi ya sa na fara zuwa wajenki. In da hali ina roƙon in ji matsaya a rubuce zuwa Laraba 27 ga Agusta, ko da kuɗin bai dawo ba ranar a gaya mani inda yake da ranar da zan sa rai, don in samu abin da zan faɗa ma mutanen Bokkos.

Na haɗo hoton rasit, alat ɗin cirewa, kofin fom ɗin 5 ga wata, takardar lambar ƙorafi da sitetimen guda biyu na dillalin, da izininshi na turo su. In kina son ganin na asali zan kawo ofis duk lokacin da kika ce, safiya dai ina kasuwa har wajen sha ɗaya, bayan nan ina da sarari, wannan layin kuma a kunne yake kullum.

Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma ya taya ki riƙo.
Laraba, 20 ga Agusta 2025, Farin Gada, Jos.