Amsar Gaisuwar Sallah Ga Tsohon Ɗalibina

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ɗana, barkanmu da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Yaya iyali, yaya aiki? Saƙonka ya iso tun ranar Sallah da hantsi, amma ka san gidan tsoho ranar layya, ga fiɗa, ga rabon nama, ga jikoki sun ƙwace wayar suna ta ɗaukar hoto. Sai daren jiya na zauna na karanta shi a natse, har sau biyu. Na ji daɗi ƙwarai, na gode, Allah Ya yi maka albarka.

To, akwai abin da ba zan ɓoye maka ba, domin ban saba yi wa ɗalibaina ƙarya ba, ba kuwa zan fara da furfura a kaina ba. Na yi ta juya sunanka a raina, na sa tabarau na duba hotonka, amma ban gane ka ba. Ka yi mini uzuri. Da na ga dama sai in rubuta maka "a'a, kai ne? kwana biyu!" mu rabu a haka, amma mutumin da ya nemo lambata don kawai ya gaishe ni ya fi ƙarfin irin wannan amsa.

Kada ka ɗauka laifinka ne, ko ka zaci ba ka da muhimmanci a wurina. Na fara riƙe alli a 1977, shekara ɗaya bayan an buɗe shirin ilimin firamare kyauta na 1976, lokacin da yara suka yi ta kwararowa makaranta har benci ya gaza, wasu a tabarma, wani ajin ma a gindin darbejiya. Na yi shekara 35 ina aiki kafin in yi ritaya a 2012, tsakanin Funtuwa da Bakori da Malumfashi. Kai da kanka lissafa yawan yaran da suka bi ta hannuna. Ga shi kuma sunanka, ba a rasa mutum uku ko huɗu masu shi a rajista ɗaya, sai mu riƙa bambanta ku da sunan uba ko na unguwa, ko mu ce wane Babba, wane Ƙarami. Batun hoto kuwa, ni yaro na sani da gajeren wando da jakar leda, kai kuma ka turo mini magidanci da gemu da babbar riga, hula ta zauna daram. Ina zan gane ka!

Ka ce ni na zaunar da kai bayan an tashi, na koya maka raba dogon lissafi har ka iya, ana saura kaɗan jarrabawar shiga sakandare. Wannan kam hali na ne, ban musa ba. Yaran da na tsare bayan tashi suna da yawa, galibi suna kumbure-kumbure don 'yan'uwansu sun tafi ƙwallo. Ashe a cikinsu akwai wanda ya riƙe abin har yau.

Yanzu sai ka taimaki ƙwaƙwalwar tsoho. A wane gari ne cikin ukun nan? Muna ƙarƙashin jihar Kaduna ne a lokacin, ko an riga an ba mu Katsina a 1987? Wa ke hedimasta, wa ke monitan ajinku? Gidanku a wace unguwa yake, mece ce sana'ar mahaifinka? Sau da yawa ta wajen iyaye nake tuna yaro, domin su ne ke zuwa kawo ƙara ko ban haƙuri. In kuma akwai sunan tsokana da ake kiranka da shi, faɗa mini kada ka ji kunya, shi ya fi zama a kai fiye da na rajista.

Jikata ta ce in yi hattara da baƙuwar lamba saboda 'yan damfara. Na ce mata ta sake karanta saƙon, ba abin da ka roƙa, addu'a kawai ka yi mini, har ka tambayi lafiyar mai ɗakina. Tana nan lafiya, sai ciwon gwiwa, ta kuma ce in amsa maka da kyau.

Idona ba ya son dogon karatu a waya yanzu, saboda haka in ka sami sarari ka kira ni bayan sallar la'asar, wataƙila murya ta yi abin da hoto ya kasa. In kuma hanya ta biyo da kai Funtuwa, ka tsaya ka sha fura, ka zo mini da yaranka in gan su.

Ka gaishe da mutanen gida. In iyayenka suna raye ka isar musu da gaisuwata, in sun riga mu gidan gaskiya Allah Ya jiƙansu da rahama.

Naka,
Tsohon malaminka