Takardar mayar da kuɗin ajiya da bayanin abin da aka cire

Rijiyar Zaki, Kano
Litinin, 10 ga Maris, 2025

Malam Nura,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Ina fata kun isa Dutse lafiya, kuma iyali sun fara sabawa da sabon wuri. A gaida maman yara.

Na rubuto maka ne game da kuɗin ajiya, ₦200,000, da ka bayar ranar 1 ga Maris, 2023, lokacin da ka karɓi makullin gida na ɓangaren baya. Yarjejeniyar da muka sa wa hannu ta ce za a mayar da su cikin mako biyu bayan tashi, a cire abin da ya lalace ta hannun ɗan haya da kuɗin share gida idan ba a bar shi yadda aka same shi ba. Ka miƙa makulli ranar 28 ga Fabrairu, washegari Asabar muka zagaya gidan ɗaki ɗaki, ni da kai da ƙaninka Auwalu, Malam Isa mai gadi yana riƙe da takardar da aka rubuta yanayin gidan ranar da ka shiga. Da ita na yi aiki, da hotunan da muka ɗauka a wancan lokaci. An gama gyara ranar Alhamis. A taƙaice, an cire ₦96,500, an ƙara maka ₦3,800, abin da zai dawo hannunka ₦107,300 ne.

Kafin in zo kan abin da na cire, bari in faɗa maka ma'aunin da na bi, don kada ka ga kamar son rai ne. Duk abin da zama da tsufa suka cinye nawa ne, domin kuɗin hayar da kake biya duk shekara shi ne ladansa. Abin da aka fasa, ko aka huda, ko aka bari da datti, shi ne naka. Saboda haka tabon ruwan da ke silin ɗin falo ban sa maka shi ba. Kwano ne ya yi yoyo a daminar bara, kuma ka kira ni tun ruwan farko. Tayil uku da suka tsage a baranda ma haka, mai tayil ya ƙwanƙwasa ya ce ƙasansu ne babu siminti sosai tun wajen aiki. Famfon kicin mai ɗiga, fankar ɗakin baƙi da ta rage gudu, ƙwayayen lantarki, kwashe masai, fentin da rana ta koɗar a jikin katanga, duk suna wuyana. Makullin get guda biyu da ka ce sun ɓata na yanko wasu, wannan na yafe, bai kai abin rubutawa ba.

Na farko, ƙofar babban ɗaki. Kai da bakinka ka gaya mini yadda Abba ya kulle kansa a ciki har sai da aka ɓalle ta. Kowa a wurin abin da zai yi ke nan, ban ga laifinka ba, amma kubar ta tashi daga aiki, kuma katakon da take zaune a ciki ya dare kusan taƙi guda. Sabuwar kuba irin waccan ₦9,500 a Ƙofar Ruwa, kafinta ya karɓi ₦4,000 ya cike wurin ya ɗaura ta. Ban sauya ƙofar ba, ko da yake ya so a sauya. Jimla ₦13,500.

Na biyu, gilashin tagar falo ta gabas. Nan ne muka ɗan yi ja-in-ja ranar Asabar, ka ce kana jin da tsagar ka same shi. Na koma gida na duba hotunan shiga. A hoto na huɗu tagar ta fito fes, har ana ganin bishiyar darbejiyar maƙwabta ta cikinta, babu tsaga ko ɗaya. A takardar shiga kuma, wadda ka sa wa hannu, tagar da aka rubuta tana da matsala ita ce ta sito, mai tsagewa a kusurwar ƙasa. Ina zaton ita ce ta tsaya maka a rai. Waccan tana nan yadda take, ban taɓa ta ba, ban kuma lissafa maka ita ba. Ta falon, gilashi da ɗaurawa ₦14,000. Na tura maka hotunan biyu ta WhatsApp ka gwada da idonka.

Na uku shi ne fenti, kuma shi ya fi ba ni aikin tunani. Dama duk wanda ya tashi nakan yi wa gidan sabon fenti da kuɗina, shafa ɗaya, kuma haka na yi wa falo da sauran ɗakuna. Amma ɗakin yara da kicin shafa ɗaya ba ta rufe su ba. Bangon ɗakin yara daga ƙasa har tsayin ƙugu zane ne na biro da maka, har da jadawalin lissafi na bakwai da wani ya rubuta bayan ƙofa, bai ma yi kuskure ko ɗaya ba, ko wane ne a cikinsu a yaba masa. Tawadar maka kuwa ko an rufe ta sai ta sake ɓullowa, sai an kankare an shafa sau uku. Kicin kuma hayaƙin gawayi ya baƙanta bango da sili, alhali sharaɗi na bakwai ya ce girkin gawayi a tsakar gida za a yi. Na san yadda tsadar gas ta mayar da gidaje da yawa kan kurfoti, ba ku kaɗai ba ne, sai dai bangon ya nuna. Ƙarin aikin ɗakunan nan biyu ya ci bokiti ɗaya mai lita 20, ₦28,000, da ladan mai fenti ₦10,000, wato ₦38,000. Ban ɗora maka duka ba. Fentin da ka tarar ya riga ya yi shekara biyu yana aiki, ba daidai ba ne ka biya kuɗin sabo cif a madadin wanda ya ci rabin kwanansa. Na raba biyu, naka ₦19,000.

Na huɗu, ramin da aka huda a bangon babban ɗaki don bututun esi, da ramukan ƙarfen da ya riƙe injin a waje. Na ba ka izinin sawa, da sharaɗin a toshe in za a tashi. An cire an tafi, ramin yana buɗe, har ƙadangare ya fara shige da fice. Siminti, yashi da ladan birkila ₦6,000.

Na biyar, besin wanke hannu na banɗakin falo. Ya tsage daga bakin famfo har ƙasa, ka ce tukunya ce ta suɓuce a kai. Irin wannan ba ya ɗinkuwa, in an liƙe ma ruwa zai ci gaba da bi ta ƙasa. Wannan ban raba shi biyu kamar fenti ba, domin tangaran ba ya tsufa da shekara biyu, in ba a fasa shi ba sai ya yi shekara ashirin yana nan. Sabo ₦22,000, mai aikin famfo ₦5,000, jimla ₦27,000.

Na shida, shara da wanki. Ɗakunan kwana an share su tsaf, wannan na gani. Kicin ne da banɗakuna biyu aka bari. Maiƙo ya daskare a tayil ɗin bayan murhu da cikin kabad, sai da mata biyu suka wuni suna gogewa da soda da ruwan zafi, ga azumi a baki. Na ba su ₦12,000 har da kayan wankin. A bayan gida kuma an bar tsohuwar katifa, kujera mai karyayyar ƙafa, buhunan shara da fasassun robobi. Na kira ka ranar Lahadi ka ce ba ka buƙatar komai a ciki, sai na sa masu kura suka kwashe a kan ₦5,000. Jimla ₦17,000.

Akwai kuma abin da kake bi na. Ranar da muka zagaya, mitar wuta tana da ragowar yunit da ka saya ba ka sha ba. Mun lissafa da rasit ɗinka na ƙarshe ya kama ₦3,800. Wanda zai shigo ne zai amfana da shi, don haka na mayar maka.

Ga lissafin a dunƙule:

Kuɗin ajiya: ₦200,000
Kuba da gyaran ƙofa: ₦13,500
Gilashin taga: ₦14,000
Rabin ƙarin fenti: ₦19,000
Toshe ramukan bango: ₦6,000
Besin da ɗaurawa: ₦27,000
Wanki da kwashe shara: ₦17,000
Jimlar abin da aka cire: ₦96,500
Saura: ₦103,500
Ragowar wuta: ₦3,800
Abin da zai dawo gare ka: ₦107,300

Na tura kuɗin yau da safe zuwa asusun bankin da ka ba ni, mai sunanka. Idan ka ga shigarsu ka sanar da ni a rubuce, ko da saƙon waya ne. Rasit na kuba, gilashi, fenti da besin suna haɗe da wannan takarda. Kafinta, birkila, masu wanki da masu kura ba su da rasit, kamar yadda ka sani, amma a gaban Malam Isa na biya kowannensu, kuma ya rubuta a littafinsa da kwanan wata. Ban ɗora ko sisi a kan abin da na kashe ba, kuɗin motar zuwa kasuwa ma ban sa ba.

Karɓar kuɗin nan ba ta rufe bakinka ba. Idan akwai abin da ba ka gamsu da shi ba, ka faɗa mini wanne ne da dalilinka kafin ranar Litinin, 17 ga wata. Sabon ɗan haya sai bayan Sallah zai shiga, saboda haka kai ko Auwalu kuna iya zuwa ku duba aikin, tsohon besin da kubar ma na ce a ajiye su a sito har ranar. In mun zauna ba mu daidaita ba, sai mu je wurin mai unguwa, kamar yadda yarjejeniya ta tanada, abin da ya yanke na yarda da shi.

Ba ka da bashin haya, ba ka da na ruwa, kuɗin 'yan sintiri ma ka biya har ƙarshen Fabrairu. Shekara biyu ban taɓa aiko maka da tuni ba, maƙwabta kuma ba su taɓa kawo mini ƙararka ba. Idan mai gidan da ka kama a Dutse yana son shaida daga wurina, ka ba shi lambata.

An samu ƙaramar tukunyar gas da keken yara a bayan tankin ruwa, suna ɗakin mai gadi. Ka sa Auwalu ya zo ya ɗauka kafin ƙarshen wata.

Allah ya karɓi ibadunmu, ya sa albarka a sabon wurin aiki.

Wassalam,
Alhaji Bala, mai gida