Hujjar cewa jerin aₙ₊₁ = √(6 + aₙ) yana tiƙewa a 3

Ga jerin da za mu duba: a₁ = 1, sannan aₙ₊₁ = √(6 + aₙ) ga kowane n ≥ 1. Kowace lamba daga wadda ta gabace ta ake samo ta.

Mu fara lissafa 'yan kaɗan mu ga inda suka dosa: a₂ = √7 ≈ 2.6458, a₃ ≈ 2.9404, a₄ ≈ 2.9900, a₅ ≈ 2.9983. Suna hawa, kuma da alama 3 suka nufa. Sai dai lambobi biyar ba su isa hujja ba. Abin da za mu dogara da shi shi ne sananniyar ƙa'idar nan: duk jerin da yake hawa ba ya sauka, kuma akwai shingen da ba ya tsallakewa, to lalle yana da maƙura, wato wata lamba da yake ta matsowa kusa da ita har tazarar ta zama ƙanƙanuwa yadda duk ake so.

Shingen tukuna. Muna cewa 0 < aₙ < 3 ga kowane n. A farko haka ne, domin a₁ = 1. A ɗauka maganar ta tabbata ga wani n. Ke nan 6 + aₙ < 9, saboda haka 0 < aₙ₊₁ < √9 = 3. Tunda ta tabbata a matakin farko, kuma kowane mataki yana miƙa ta ga na gaba, ta tabbata ga duka.

Sai hawan. A nan shingen zai yi mana aiki, shi ya sa muka gabatar da shi:

aₙ₊₁² − aₙ² = 6 + aₙ − aₙ² = (3 − aₙ)(2 + aₙ).

Baka ta farko ta fi sifili domin aₙ < 3, ta biyu ma haka domin aₙ > 0. Don haka aₙ₊₁² > aₙ², kuma da yake dukkansu sun fi sifili, aₙ₊₁ > aₙ.

Yanzu ne muka sami ikon cewa maƙurar tana nan, mu kira ta L. Ina roƙon a kula da wannan gaɓa sosai, domin nan ɗalibai suka fi zamewa. Ɗauki b₁ = 1 da bₙ₊₁ = 2bₙ. Wanda ya yi gaggawar rubuta L = 2L zai ce maƙurar sifili ce, alhali jerin 1, 2, 4, 8 ne, hawa yake babu tsayawa.

Namu kuwa mun riga mun tabbatar. Jerin aₙ₊₁ shi ne dai aₙ an cire masa lambar farko, maƙurarsu ɗaya. Daga aₙ₊₁² = 6 + aₙ sai mu sami L² = 6 + L, wato (L − 3)(L + 2) = 0. Ko dai L = 3 ko L = −2. Amma kowane aₙ ≥ 1, saboda haka L ≥ 1, −2 ta fita. Ke nan L = 3.