Kasafin Kuɗin Babban Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai a Katsina

Malam Shugaba da 'yan kwamitin zartarwa, assalamu alaikum. Ga kasafin taron da za mu yi ranar Asabar ta biyu bayan Ƙaramar Sallah, wanda na gina a kan mutum 600.

Kashi na farko shi ne kuɗin da ba sa motsi, waɗanda sai mun biya su ko mutum 100 ne suka zo. Hayar zauren taro naira 450,000 ce, lasifika 150,000, janareta da man dizal na yini guda 220,000, masu tsaro 120,000, sanarwar rediyo da allunan talla 110,000, mai ɗaukar hoto da bidiyo 100,000, sai masauki da kuɗin motar baƙo mai jawabi 150,000. Jimlarsu naira 1,300,000.

Kashi na biyu yana hawa da sauka gwargwadon yawan mahalarta. Kowane mutum zai ci naira 4,500: abinci 3,000, ruwa da lemo 700, hayar kujera 200, littafin tsarin taro da katin shiga 600. A kan mutum 600 ya kama naira 2,700,000. Idan aka haɗa kashi biyun aka ƙara 400,000 na ko-ta-kwana, wato kashi 10 cikin 100, kasafin ya tsaya a naira 4,400,000.

Abin da nake roƙon kwamiti ya duba da kyau shi ne inda kuɗin za su fito. A cikin naira 6,000 da kowane mamba zai biya, 1,500 kaɗai ke ragewa bayan an cire abin da shi kansa zai ci, kuma da wannan ragowar ne za mu ɗauki nauyin kashi na farko. Iyayen ƙungiya sun yi alkawarin 700,000, saura 600,000 ke nan, don haka sai mutum 400 sun biya kafin mu fita daga asara. Ko duka 600 sun biya, abin da zai shigo 4,300,000 ne, da giɓin 100,000 a kuɗin ko-ta-kwana. Wannan lissafi ma bai haɗa da direbobi da 'yan rakiyar da 'yan'uwanmu na Daura, Funtua, Malumfashi da Dutsin-Ma za su zo da su ba, alhali ba zai yiwu mu hana baƙo abinci ba.

Zauren mutum 700 yake ɗauka. Idan muka haura haka, dole a kafa rumfuna a waje a kan naira 80,000, kashi na farko ya tashi.

Saboda haka ina neman amincewarku a rufe rajista mako biyu kafin taro, domin mai abinci ta dafa daidai adadin da ya tabbata, sannan a biya kafin alƙalamin zaure da janareta cikin wannan watan.

Ma'ajin ƙungiya