Tsarin ƙara sauri na mako shida ga 'yan ƙwallon safiyar Asabar

'Yan uwa, na lura cewa yawancinmu muna iya kammala wasa ba tare da numfashi ya ɗauke ba, amma da zarar an jefa ƙwallo bayan 'yan baya, sai mu ga yaro ya wuce mu kamar an dasa mu a ƙasa. Zagayen fili da muke yi da sassarfa yana ƙara juriya, sai dai ba ya koya wa ƙafa tashi da sauri, alhali yawancin tseren da ake yi a wasa bai wuce mita 20 ba.

Saboda haka za mu ƙara atisaye biyu a mako, Litinin da Laraba bayan La'asar, domin jiki ya samu aƙalla awa 48 tsakanin ɗaya da ɗaya, ya kuma huta kafin wasan Asabar. Kowace rana za a fara da ɗumama jiki na minti 15, da sassarfa da ɗaga gwiwa da gudun da ake ƙara masa ƙarfi a hankali.

A mako biyun farko, kowa zai tashi daga layin raga ya kai layin yadi sha takwas, wato mita 16.5, sau shida, ba da dukkan ƙarfinsa ba tukuna. Daga mako na uku za a saki jiki gaba ɗaya, a kai sau takwas, a mako biyun ƙarshe kuma a tsawaita huɗu daga ciki zuwa mita 30. Abin da na fi so ku riƙe shi ne hutu: bayan kowane gudu a dawo da tafiya, a jira minti biyu cikakku, na mita 30 kuma minti uku. Na san wasu za su ga kamar lalaci ne, amma wanda ya sake tashi yana haki, gudun gajiyayye yake koya wa jikinsa, kuma a irin wannan hali ne naman bayan cinya yake yawan tsinkewa.

Tsalle zai zo kafin gudu, tun ƙafa na da ƙarfinta. Za a yi tsallen kwaɗo zuwa gaba sau biyar, a maimaita sau uku, sannan tsallen tsaye da ƙafafu biyu sau goma, shi ma sau uku. A dira a kan gaban tafin ƙafa, gwiwa a lanƙwashe tana kallon yatsu, ba tare da an ji tim ba. Tun da filinmu ya bushe ƙamas da shigowar hunturu, za mu yi tsallen a gefen da yashi ya taru.

Duk wanda ya ji zafi a agara ko gwiwa ya dakata nan take ya sanar da ni, kada ya daure don kunyar abokai.