Roƙon izinin kula da dukiyar marigayi Malam Shehu Garba

Daga Hadiza Shehu Garba,
Layin Makaranta, Tudun Jukun, Zariya.
16 ga Yuni, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Alƙali,
Babbar Kotun Shari'ar Musulunci, Zariya,
Jihar Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta Malam, bayan gaisuwa ta ban girma, ni ce Hadiza, matar marigayi Malam Shehu Garba, wanda Allah ya yi wa rasuwa ranar Talata 14 ga Janairu, 2025, bayan jinyar ciwon ƙoda ta wata biyar. Shekararmu goma sha tara da aure, kuma ni kaɗai ce a ƙarƙashin igiyarsa ranar da ya cika. Na fita takaba kamar mako biyu kafin Babbar Sallah, shi ya sa sai yanzu na kawo wannan magana.

Ina roƙon kotu ta ba ni izini a rubuce, da hatiminta, in tattara abin da ya bari, in biya bashin da ke kansa, in tsare sauran har ranar da za ta raba gado. Ina kuma roƙon a haɗa ni a wannan aiki da babban ɗansa, Abubakar, don kada a ce mutum ɗaya ne ya riƙe wuƙa da nama.

Magadansa bakwai ne. Akwai mahaifiyarsa, Hajiya Rabi, tana zaune a Giwa, sai ni, sai 'ya'ya biyar: Abubakar mai shekara 26, Maryam 17, Usman 13, Fadila 9, da auta Sadiƙu mai shekara huɗu. Abubakar ɗan matarsa ta fari ne, wadda suka rabu tun kafin a auro ni, amma a hannuna ya tashi tun yana aji biyu na firamare. Mahaifin marigayi ya riga shi rasuwa. Ba ni da ciki, kuma iya sanina da na danginsa bai bar ɗa a wani wuri ba.

Abin da ya bari shi ne gidan da muke ciki, mai ɗaki biyar da shago biyu a gaba, da gona kadada uku a hanyar Giwa, da tsohuwar mota wadda ba a tayar ba tun da ya kwanta, da masara buhu 62 ta noman bara, da asusun ajiya a banki biyu. Akwai kuma haƙƙinsa na aiki, domin ya yi shekara 22 yana aikin gwamnatin tarayya: kuɗin da ya tara a asusun fansho, da kuɗin inshorar rai, wanda dokar fansho ta 2014 ta ce ba zai gaza jimillar albashinsa na shekara uku ba. Keken ɗinki da firiza da tumaki huɗu da ke tsakar gida nawa ne, da kuɗin sana'ata na saye su, Hajiya da Abubakar duk sun sani. Na faɗa ne tun yanzu don kada su shiga lissafi.

Maganar bashi ce ta fi hana ni barci. Malam yana da wani littafi mai baƙin bango da yake ajiyewa a cikin akwatin hulunansa, ba ya cin bashi ko ya bayar bai rubuta ba. A ciki na ga dillalin taki yana bin sa Naira 380,000, abokinsa kuma yana bin sa Naira 150,000 da ya ranta mana lokacin wankin ƙoda. Shafin ƙarshe ma da kyar ake karanta shi, hannunsa ya riga ya fara rawa. Abokin nan ya ce a bar maganar, amma bai furta ya yafe ba, ni kuwa ba zan ɗauki kunya a matsayin yafiya ba. Dillalin ya aiko sau uku, cikin mutunci. Su ma mutum biyu marigayi yana bin su, jimilla Naira 210,000, sun amsa, sai dai kowa cewa yake wa zai ba? Gaskiyarsu ce.

Ya bar wasiyya ta baka, a gaban ƙaninsa Malam Idris da limamin masallacin layinmu, cewa a kai buhu biyar na masara makarantar allon da ya yi karatu yana yaro. Ba ta kai ko kusa da sulusi ba, kuma babu magajin da ya ja.

Allah ya gafarta Malam, ga abin da ya sa ba za mu iya jira ba. Na je bankunan biyu da takardar shaidar rasuwa, suka ce sun rufe asusun, ba za su ko faɗa mini abin da ke ciki ba sai na kawo umarnin kotu. Kamfanin fansho ma haka, ko da yake sunana ya rubuta musu a matsayin makusanci. Sun ce wannan bai isa ba. Masara kuwa ba ta san da wannan ba. Makon jiya na buɗe ɗakin ajiya, na soka hannu a buhun da ke jikin bango, sai gari ya biyo yatsuna, ƙwari na yawo a ciki. Buhu shida muka ware. Ga damina ta sauka, gonakin maƙwabta sun yi shuka, tamu tana nan ciyawa, domin ban ga ikon da nake da shi na sayar da ƙwaya ɗaya ta marayu ko ba da hayar gonarsu ba. Masu hayar shagunan sun riƙe kuɗin wata biyar. Kuɗin makarantar yara uku da ɗinki nake biya, zangon da ya wuce sai da na sayar da tunkiya.

Na san akwai mai cewa mace ba za ta iya ba, ko kuma idan ta yi aure dukiya ta bi ta. An faɗa a kunnena ranar sadakar arba'in, ban ce komai ba. Na yi karatu har sakandare, kuma ni nake riƙe masa lissafin gona shekara goma. Rabona tumuni ne, na Hajiya sudusi, sauran na yara, ba ni zan koya wa kotu wannan ba. Ba na neman ko anini a kan abin da Allah ya yanka mini.

Na yi alkawarin ba zan sayar da gida ko gona ko mota ba sai da izinin kotu. Duk kuɗin da ya shigo za a zuba shi a asusu ɗaya wanda ba a cirewa sai da sa hannuna da na Abubakar. Zan kawo wa magatakarda lissafi da rasit duk bayan wata uku, ko duk lokacin da aka nema. Abin da nake roƙon a gaggauta shi ne izinin sayar da masarar da ta fara lalacewa, a fitar da wasiyya, a biya masu bin bashi, a ba da gonar noma a wannan damina. In kotu ta ga dama, ta naɗa mai kula da rabon yaran nan huɗu da ke hannuna, ko ni ko wanda ta fi amincewa da shi.

Mun yi zaman dangi a gidan Hajiya ranar Lahadi 8 ga wannan wata, aka amince da wannan tsari. Hajiya ta dangwala, Abubakar da Malam Idris sun sa hannu. Na haɗo takardar zaman, tare da shaidar rasuwa daga asibiti da ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da takardar aurenmu, da takardun haihuwar yara, da kwafin takardun gida da gona, da shafukan littafin bashi. Malam Idris da yayana Alhaji Sani sun yarda su tsaya mini. Hajiya ƙafa ta hana ta doguwar tafiya, idan ana son jin ta bakinta ina roƙon a sanar da mu da wuri don mu nemi motar da za ta ɗauko ta.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya jiƙan magabata.

Wassalam,
Hadiza Shehu Garba